Harufa biyu ne, amma kar ka ce ba komai

Jiya wani ƙanena, mutumin Maraɗi, ya kira ni hankali a tashe. Ya nemi aiki ta intanet a nan Jidda, ya riga ya tura fom, sai daga baya ya ga wanda ya cika masa ya rubuta ABUBAKAR, alhali fasfonsa na Nijar ABOUBACAR ya ce. Abokansa suka ce ya share kawai, ai suna ɗaya ne. A bakinmu ɗaya ne, amma na'urar da ke gwada fom da fasfo ba ta san haka ba, harufa take ƙirgawa. Kuma sunan da ya shiga fom shi ake kwafewa zuwa kwantiragi da sauran takardu.

Wani ya ce ya sake tura sabon fom. Ni ban yarda da wannan ba, sai in ofishin ne da kansa ya ce a yi. Fom biyu, lambar fasfo ɗaya, suna iri biyu, ka jawo wa kanka tambayar da ba ka shirya mata ba.

Na ce ya buɗe fasfo ya duba layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, masu alamar <. Su na'ura ke karantawa. A layin farko, bayan harufa uku na ƙasa, sunan dangi ne ke fara zuwa, sai <<, sannan sunanka. Nan ne alƙali, ba yadda ake kiranka a gida ba.

Sai muka rubuta wa sashen taimakonsu. A kan saƙon muka sa “gyaran suna” da lambar fom. A ciki kuma: na tura fom rana kaza, a gurbin sunan farko an rubuta ABUBAKAR, daidai shi ne ABOUBACAR kamar yadda yake a fasfo, ga ranar haihuwata, ga hoton shafin fasfon, ina roƙon a gyara a kuma sanar da ni a rubuce. Shi ke nan. Ya so ya ƙara labarin yadda mai shagon ya cuce shi, na hana. Ma'aikacin da ke da tarin saƙonni a gabansa ba shari'a zai yi muku ba.

Ka kira shi kuskuren rubutu, kar ka ce “canjin suna”, don wannan wata hanya ce daban mai neman takardun kotu. Ka tura daga imel ɗin da aka cika fom da shi, in ba haka ba suna iya ƙin kula ka. Shi ƙanen nawa sai da muka nemo mai shagon, don da imel ɗinsa ya buɗe.

In kuwa kuskuren a fasfon yake, sashen taimako ba shi da abin yi, sai ofishin jakadancinku.

Sun ba shi lambar ƙorafi, ya ɗauki hotonta ya ajiye. In mako ya wuce shiru, a kan wannan saƙon zai sake tuntuɓa, ba sabo zai buɗe ba.