Rantsuwa ba ta biyan bashin ƙarya

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia, Jaba da Kagarko, ganye ya ƙone, saiwa ta ruɓe a ƙasa. An yi ta maganar asarar manoma, amma akwai wata asarar da ta shiga ɗakunan aure ba a ƙirga ta ba, wato ta waɗanda suka ci bashi suka zuba a citta, sannan suka ɓoye wa iyalinsu abin da ya faru.

A ɗauki misalin ma'aikacin tarayya da ke Abuja, iyalinsa suna Kachia. Ya karɓi rancen naira miliyan biyu da za a riƙa cira daga albashinsa, naira 110,000 duk wata har wata 24. Ya haɗa da naira 400,000 na adashen matarsa, ya ba wani ɗan'uwa ya noma masa. Citta ta ruɓe. Maimakon ya faɗa mata, sai ya ce buhuna suna ajiye ana jiran farashi ya tashi, ƙarancin kuɗin cefane kuma ya ɗora shi a kan tsadar Abuja. Bayan shekara guda ta ji gaskiya a bakin matar ɗan'uwan nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da aka saba yi a nan shi ne a kira iyaye, ko limami, ko fasto, miji ya rantse ba zai ƙara ba, a ce wa matar ta yi haƙuri. Wannan zama yana iya samar da yafiya, amma ba ya dawo da yarda. Dalili kuwa a fili yake: abin da ya lalace shi ne darajar maganar mijin, rantsuwa kuma magana ce. Matar ba kuɗin kawai take kuka ba. Tana tuna duk ranar da ta tambaye shi ya dubi idonta ya amsa, tana kuma tambayar kanta wace magana ce tasa ta rage da za ta riƙe.

Saboda haka gyara yana farawa da faɗin gaskiya gaba ɗaya, a zama ɗaya. Idan yau ya amsa rancen, bayan wata biyu kuma ta gano akwai wani bashin na ƙungiyar gama-kai ta ofis, to an koma farko, har ma an fi da lalacewa, domin ta ga cewa a cikin tubansa ma akwai ɓoyo.

Daga nan sai takarda ta maye gurbin baki, tunda gani ya kori ji. Ma'aikacin da ake biya ta IPPIS yana da takardar albashi da ke nuna abin da aka cire masa. Ya ajiye mata ita, da takardar yarjejeniyar rancen, da bayanin asusunsa na banki na wata shida. A misalin nan, bayan wata 12 saura naira 1,320,000, kuma za ta san watan da cirar za ta ƙare. Naira 400,000 ɗinta dukiyarta ce, ba ta narke cikin haƙurin aure ba. Ya rubuta mata yadda zai biya, ko da naira 20,000 ce a wata har wata 20, a gaban shaida ɗaya daga danginta da ɗaya daga nasa. Duk ƙarshen watan da kuɗin ya shigo a kan lokaci, maganarsa ta ƙara nauyi kaɗan.

Wasu za su ce nuna wa mace takardar albashi zubar da girman maigida ne. Girman ya riga ya zube tun ranar da ta ji labarin gidanta a bakin wata. Sai dai masu wannan ra'ayi suna da gaskiya a wuri ɗaya: binciken yana buƙatar iyaka. A tsayar da shi a kan abin da aka yi ƙarya a kansa, wato kuɗi, a kuma yanke masa wa'adi, kamar ranar da rancen zai ƙare. Idan ya zarce zuwa duba waya dare da rana, ko gori a gaban yara, gidan ya zama ofishin 'yan sanda.

Ana gane ko gyaran yana kamawa ta yadda ake karɓar tambaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka za ta maimaita tambayar da ya riga ya amsa. Mijin da ya ɗauko takarda ba tare da tsaki ba yana kan hanya. Wanda ya ce «ba an wuce wannan maganar ba?», ko aka sake kama shi da ƙaramar ƙarya a kan kuɗin mota, ya nuna cewa kamun da aka yi masa yake baƙin ciki. A irin wannan hali matar tana da haƙƙin yafe masa ta kuma riƙe adashenta a hannunta.