Madubin Da Ke Cikin Waya

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ƙaramin abu da ke kusurwar gilashin waya, wanda girmansa bai kai kwalin ashana ba, amma yakan cinye rabin hirar da muka sayi data dominta.

A ƙauyukanmu na wajen Dambatta da Makoda da Bichi da Kunchi, da wuya a sami gidan da ba shi da wani a Kano ko Abuja ko Legas, wani ci-rani, wani makaranta, wata aure. Tun da WhatsApp ya kawo kiran bidiyo a ƙarshen shekarar 2016, gaisuwa ta ƙara sauƙi, gama yanzu ana jin murya, ana kuma ganin fuska. Sai dai fuska biyu ake gani. Babba ita ce ta wanda muka kira, ƙarama kuwa tamu ce. Ku lura da duk wanda ke riƙe da waya, za ku ga idonsa yana ta zamewa zuwa ƙaramar. Mace ta gyara ɗankwali, namiji ya karkata hula, yaro ya yi gwalo. Can a Legas kuwa ɗa yana ba da labarin ciwon da ya yi, ba a ji rabinsa ba.

Wannan ba girman kai ba ne, kada wani ya zargi matarsa ko 'yarsa. Idon mutum yana bin fuska, yana kuma bin abin da ke motsi, ga shi wannan fuska tamu ce, tana motsi duk lokacin da muka motsa. Da muna zaune a tabarma ɗaya da baƙo, ba wanda zai tsaya a gefensa riƙe da madubi yana nuna mana kanmu har a gama hira. Waya kuwa haka take yi. Wani malami a Jami'ar Stanford ta Amirka, Jeremy Bailenson, ya rubuta a watan Fabrairu na 2021 cewa wannan madubi yana cikin dalilai huɗu da ke sa kiran bidiyo ya gajiyar da mutum, ya kuma ba da shawara a ɓoye shi. A wannan shekara shi da abokan aikinsa suka tambayi mutane fiye da 10,000. Wajen mace ɗaya cikin bakwai ta ce takan gaji ƙwarai bayan irin wannan kira, maza kuwa wajen ɗaya cikin ashirin, kuma masu binciken sun ga damuwa da ganin kai tana cikin manyan dalilan wannan bambanci. Mu da muka san kunyar suruka a gaban uwar miji ba mu yi mamaki ba. Tana so ta saurara, tana kuma duba ko mayafinta ya zame. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai wata hasara kuma. Idon kyamara yana can saman waya, ɗan ɗigo baƙi. In muna kallon kanmu a kusurwar ƙasa, wanda ke can yana ganin idonmu ya kauce, kamar hankalinmu yana wani wuri. Gaskiya kuwa yana wani wurin.

Kafin mu faɗi yadda ake ɓoye shi, sai mun raba abu biyu da ake yawan gauraya su. Ɓoye hoton kai dabam, kashe kyamara dabam. In ka kashe kyamara, ba wanda ke ganinka. In ka ɓoye hoton kanka, kai kaɗai ne ka daina ganin kanka, amma kowa yana ganinka sarai, da abin da ke bayanka, kuma data tana tafiya kamar dā, gama hoton bai daina fita ba. Wanda ya manta da wannan shi ne zai yi hamma, ya sosa kunne, ko ya juya ya yi wa yaro tsawa, alhali ana kallonsa.

Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da sauran masu shiga taro ta kwamfuta suna da maɓalli domin wannan. A Zoom, a kai kibiya kan hoton kai, a danna ɗigo uku da za su bayyana, a zaɓi "Hide Self View". In ana so ya dawo, a je "View" a sama wajen dama, a zaɓi "Show Self View". A Microsoft Teams sunansa "Hide for me". Kada a danna "Stop Video" da nufin ɓoyewa, wannan shi ne kashe kyamara.

Amma yawancinmu da WhatsApp muke kira, a waya, a tsakar gida. A nan abin da ya fi sauƙi shi ne takarda. Bari mu bi misali ɗaya daki-daki.

A ce tsohuwa ce a wani ƙauye kusa da Dambatta, ɗanta yana Legas, sun saba magana ran Lahadi da la'asar. Jikarta ce ke riƙe da wayar gidan. Abu na fari, jikar ba za ta riƙe waya a hannu ba. Hannu yana rawa, yana gajiya, yana sauka kaɗan kaɗan har a koma nuna haɓa da rufin ɗaki, kuma saboda wannan ne ake bukatar duban hoton kai kowane lokaci. Sai ta kifa turmi, ta ɗora waya a kai, ta jingina ta da kwano ko dutse, yadda idon kyamara zai zo daidai da idon Kaka sa'ad da ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno. In turmin ya yi tsawo ko gajarta, kujerar za a canja, kada a kwantar da wayar ta kalli sama. Tsakanin fuska da waya a bar kamu ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya fi haka kusa, fuska za ta cika gilashi, motsi kaɗan ya fitar da ita. In ya fi haka nisa, murya za ta ɓace cikin kukan kaji da awaki.

Sa'an nan haske. Kaka ta fuskanci inda haske yake, kada ta ba shi baya. In ta zauna a cikin ɗaki ƙofa tana bayanta, kyamara za ta bi hasken ƙofa, fuskar ta zama baƙar inuwa. Inuwar zaure ko ta bishiya, ana fuskantar fili, ita ta fi.

Yanzu ne hoton kai yake da amfani, na minti ɗaya kawai. Jikar ta duba: kai da kafaɗu sun shiga, akwai ɗan fili a saman ɗankwali. Ta duba bayan Kaka da kyau, gama wannan ya fi gyaran fuska muhimmanci. Bangon ɗaki ko rumbu ko danga, duk lafiya. Hanyar makewayi, ko igiyar shanya, ko inda mai jego ke shayarwa, a kauce musu, domin da zarar an rufe hoton ba mai lura da wanda ya gifta. Ta ja layi a ƙasa inda ƙafafun kujera suke, ko da an tashi a dawo daidai.

Da kira ya shiga, ta ja ƙaramin hoton da yatsa zuwa kusurwar sama, gama maɓallin katse kira da na kashe murya suna ƙasa, ba a so a rufe su. Ta ɗauki busasshiyar takarda da ta ɗan fi hoton girma, ta naɗe bakinta, ta rataya a kafaɗar waya ta sauko ta rufe shi. Ta tabbata takardar ba ta hau idon kyamara ba. In ta hau, ɗan zai ce ya ga duhu ko hazo a gefe ɗaya, sai a matsar. A kuma yi hankali wajen ja: in aka taɓa hoton maimakon a ja shi, yakan kumbura ko ya yi musanya da babban, sai a tarar takarda ta rufe ɗan, Kaka ta cika gilashi. A sake taɓawa, ya koma.

Daga nan aikin madubi ya koma hannun wanda ke can. Kaka ta ce, "Kana ganina sosai?" Shi kuma ya ce, "Ina ganinki, Inna. In kin fita zan faɗa miki." Wannan alkawari shi ne ya maye gurbin hoton, kuma lalle ne a cika shi, musamman wajen magariba. A ƙasarmu duhu ba ya jira. Idon mutum yana sabawa da raguwar haske bai sani ba, kyamara kuwa ba ta sabawa haka, sai a yi minti goma ana magana da inuwa, ɗan yana jin nauyin katse mahaifiyarsa. Gara ya faɗa, a kunna fitila a ajiye ta bayan waya tana haska fuska.

Ba kullum ake rufewa ba. In za a nuna jariri, ko zangarniyar gero ta bana, ko takardar asibiti, a cire takardar a ga abin da ake nunawa. Kada a damu in rubutu ya fito a juye a ƙaramin hoton. Wayar tana nuna mana kanmu kamar madubi ne, amma wanda ke can yana karanta shi daidai. Masu magana da hannu, watau kurame da iyalinsu, su ma suna bukatar hoton domin su tabbata hannuwansu ba su fita daga gilashi ba. Yara ƙanana kuwa, a ganinmu, a bar su su yi wasansu da shi na ɗan lokaci kafin a rufe, in ba haka ba za su cire takardar da kansu.

Saura ɗaukar bidiyo da za a aika, kamar gaisuwar biki ga wanda ba a sami zuwa ba, ko waƙar zumuntar mata. Kowa ya san yadda ake yi da kyamarar gaba: a fara, a ga baki ya karkace, a goge, a sake, har sau shida, na shidan kuma ya fi na farko taurin fuska. Maganin wannan ba ya bukatar takarda. A juya waya a yi da kyamarar baya, gilashin ya kalli can. A yawancin wayoyi ma ta baya ta fi fitar da hoto mai kyau. Wani ya tsaya a baya ya duba gilashin, ya ɗaga hannu in an fara. In ba kowa, a jingina wayar, a yi gwaji na daƙiƙa goma, a duba ko kai ya shiga, murya kuma ta fito, kāna a koma kan layin da aka ja a ƙasa a yi na gaske. Mai magana ya kalli idon kyamara. In wayar mai ido biyu ko uku ce a baya, ya kalli tsakiyarsu, daga kamu biyu ba za a gane bambanci ba. In an gama, a kalla sau ɗaya domin a tabbata an ji sunan amarya da ango, sa'an nan a aika.