Sitaji ba shi da wa'adi? Koyo daban, ƙwadago daban

A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, akwai matasa masu yawa da ke sammako zuwa ofis ko garaji kowace safiya, su yini suna aiki, wata ya ƙare ba a ba su komai ba sai kuɗin kabu-kabu. Idan an tambayi mai wurin sai ya ce sitaji suke yi, ko kuma ya ce ƴan koyo ne. Wasunsu sun shekara biyu a haka. Abin tambaya shi ne, yaushe ne ɗan koyo yake daina zama ɗan koyo, ya koma ma'aikaci mai haƙƙin albashi?

Dokar ƙwadago ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, wadda ta maye gurbin ta 1996, ta fayyace wane ne ma'aikaci. Shi ne duk wanda ya sa aikinsa a ƙarƙashin jagoranci da ikon wani, a bisa biya. Babu inda dokar ta ce sunan da mai wuri ya raɗa wa yaro shi ne hukunci. Abin da ake dubawa shi ne abin da ke gudana a wurin aikin kowace rana.

Koyon sana'a kuwa dokar ta ba shi tsarinsa. Yarjejeniya ce da ya wajaba a rubuta, inda maigida ya ɗauki alkawarin koyar da sana'a daki-daki har ta kammala, yaro kuma ya ɗauki alkawarin bin umarninsa na wani lokaci ƙayyadadde. Ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da da sunan koyo ne. Ma'anar wannan tsari a fili take: ɗan koyo yana karɓar ilimi a madadin guminsa. Ranar da ilimin ya tsaya, gumin kuma ya ci gaba da zuba, cinikin ya tashi daga koyo ya koma ƙwadago.

Akwai alamu uku da kowa zai iya gane wannan da su. Ta farko ita ce ko akwai mai koyarwa a tsaye, wanda ke duba aikin yaro yana gyara masa, ko kuwa an bar shi shi kaɗai da makulli da hatimi. Ta biyu ita ce ko yana koyon sabon abu wata bayan wata, ko kuwa abu ɗaya yake maimaitawa tun da ya ƙware. Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce abin da zai faru in ya daina zuwa. Idan tafiyarsa za ta tilasta wa mai wuri ya ɗauki wani ya biya shi, to kujerar ma'aikaci yake zaune a kai.

A ɗauki misalin wata budurwa da ta gama karatun lissafin kuɗi, wani kamfanin ƴan kasuwa ya karɓe ta sitajin wata uku. A watannin nan uku tana zaune kusa da kwantabul, yana nuna mata yadda ake rubuta shiga da fita. Wannan koyo ne na gaskiya, babu mai jayayya. Sai kwantabul ya bar aiki, ba a ɗauki wani ba, aka ce ta ci gaba. Ita ke riƙe da littattafai, ita ke zuwa banki, in ta makara a yi mata faɗa, in za ta je biki sai ta nemi izini. Ana ba ta jika 15 a wata, ana kiransa kuɗin mota. Haka aka yi har wata 18.

Lissafin ba shi da wuya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, wanda ya tsaya a sefa 30.047 tun 2012, ya koma jika 42. Tsakanin jika 42 da jika 15 akwai jika 27. A wata 18 ya kama jika 486, kuma wannan a kan mafi ƙarancin albashi ne kawai, alhali mai takardar shaida irin tata matakinta ya wuce nan. Bayan haka akwai kason da mai kamfani ke zuba wa ma'aikacinsa a asusun CNSS, wanda a kan wannan albashi ya kusa jika 7 a wata, wato sama da jika 120 a tsawon lokacin. Akwai kuma hutun da doka ta tanada, kwana biyu da rabi a kowane wata, wanda ya taru ya zama kwana 45. Abin da kamfani ya adana ya haura jika 600. Ita kuwa ta yi asarar wata 18 da ba za su shiga lissafin fanshonta ba, kuma da ta yi haɗari a hanyar banki, ba ta da lamba a CNSS da za a nemi magani da ita.

Masu kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa makarantu na turo musu yara da takarda ba tare da hannu ba, kuma in aka tilasta musu biyan kowane ɗan sitaji, za su rufe ƙofa, matasa su rasa inda za su goge. Wannan gaskiya ce game da watannin farko, lokacin da yaro ke ɓata takarda yana cin lokacin mai koya masa. Amma hujjar tana ƙarewa a ranar da aka miƙa masa makulli. Wata hujjar tasu ita ce tun da ba albashi ake ba shi ba, bai shiga ma'anar ma'aikaci ba. Wannan dabara ce ta mai cin bashi da ke cewa tun da bai taɓa biya ba, ba a bin sa. Rashin biya shi ne laifin da ake tuhuma, ba zai zama mafaka ba.

A garaji da shagon tela da wurin walda lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin a can uba ne ke kai ɗansa hannu da hannu, babu takarda sai amana. Wannan al'ada ta raya sana'o'i da yawa, ta ciyar da gidajen da makarantar boko ba ta kai gare su ba. Sai dai ita kanta al'adar ta san yaye. Yaron da ya iya sauke inji ya ɗora shi kaɗai, masu motoci na neman sa da suna, amma shekara bakwai yana nan a kan kuɗin tuwo, maigidansa ya ci amanar da aka ba shi. Ko ya yaye shi, ko ya yanka masa albashi.

Wanda ya sami kansa a wannan hali yana da hanya. Ya adana duk abin da ke nuna aikinsa: takardun da ya sa wa hannu, rajistar zuwa aiki, saƙonnin umarni a waya, rasiɗin kuɗin da ake ba shi. Ya kai su ofishin sufeton ƙwadago na jiharsa, wanda ke kiran ɓangarorin biyu don sasantawa. In sulhu ya ƙi, kotun ƙwadago na nan. Kada ya yi jinkiri, domin neman bashin albashi yana da wa'adi a doka.

Amma bai kamata a bar nauyin a kan yaron da ke tsoron kora ba. Wajibi ne hukuma ta ga cewa kowane sitaji yana da takarda mai ranar farawa da ranar ƙarewa da sunan mai koyarwa, kuma sufetoci su riƙa shiga ofisoshi suna tambayar wane ne ke zaune a kowace kujera, tun yaushe. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma, da suka saba fita titi kan albashin ma'aikatan gwamnati, lokaci ya yi da za su waiwayi waɗannan matasa da ba su da katin kowace sandika. Ƙasar da ke karɓar harajin koyon sana'a daga kamfanoni, har ta kafa asusun FAFPA don tallafa wa horo, ba ta da uzurin barin kalmar koyo ta zama rigar da ake lulluɓe aikin banza da ita.