Kafin ka danna Send, bari kunnenka ya ji saƙon

1/
Jama'a, ni a ganina duba imel da ido kawai ba dubawa ba ce. Kai ka rubuta, don haka idonka abin da ka yi niyya yake gani, ba abin da ke rubuce ba. Ka karanta da baki, yadda na kusa da kai zai ji. Inda harshe ya sarƙe, akwai gyara a wurin.

2/
A ce kana Achilafiya, ka tara riɗi buhu 40, za ka tura wa wani kamfani a Kano farashi. A ce kowane buhu N85,000 ne. Jimla N3,400,000. Sifili ɗaya ya faɗi, ta koma N340,000, kuɗin buhu huɗu ke nan. Ido zai wuce abinsa, don 34 ɗin tana nan. Amma baki ba zai ce "miliyan uku da dubu ɗari huɗu" a kan wannan lamba ba.

3/
Shi ya sa nake cewa a rubuta kuɗi da lamba da kuma kalmomi. In suka saɓa, mai karɓa zai kira ka, ba sai an kai ga jayayya ba.

4/
Lambar asusun banki alƙaluma 10 ce, ta waya 11. Fara ƙirga su. Sannan ka karanto uku-uku kana kallon takardar banki, ba daga ka ba. Ƙirge kaɗai ba ya kama 58 da ta juye ta zama 85.

5/
Gurbin To kuwa, bar shi fayau sai ka gama komai. Saƙon da ba shi da adireshi ba ya tafiya, ko da yatsa ya zame. Da ka rubuta "Mus", waya za ta miƙo maka Musa uku. Taɓa sunan ka ga cikakken adireshin. In amsa kake bayarwa, Reply all zai kai farashinka ga duk wanda ke Cc, har da wanda bai kamata ya gani ba.

6/
Takardar da ka maƙala, buɗe ta daga cikin saƙon. Suna ba shaida ba ne; ta makon jiya mai tsohon farashi ma sunan ke nan.

7/
Sai lafazi. "Ku turo kuɗin yau" a zuciyarka tuni ne, amma a allon manajan da bai taɓa ganinka ba umarni ne. Karanta shi kamar yana zaune gabanka. Abin da ba za ka iya faɗa masa ido da ido ba, sauya shi: "Ranka ya daɗe, muna fatan samun kuɗin yau, domin manoma na jira."

8/
Na san wani zai ce ai akwai Undo a Gmail. Akwai, amma iyakarsa daƙiƙa 30, shi ma sai ka shiga Settings a kwamfuta ka ɗaga shi daga 5. Kuskuren sifili ba a daƙiƙa 30 ake gano shi ba, sai an kira ka daga Kano ana cewa a loda kaya.