Allurar gina jiki: ƙwanji ya cika, mazakuta ta mutu



Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo min ɗansa, matashi ɗan shekara 27, wata takwas da yin aure. In ka gan shi ka ce shi kaɗai zai ɗaga buhun masara, ƙirji a cike, damtse kamar na ɗan dambe. Uban ya ce: "Malam, sammu aka yi wa yaron nan, tunda aka kawo amarya ya kasa." Sun sha maganin sanyi, sun sha na basir, an yi ruƙiyya. Na ce wa uban ya ɗan ba mu wuri. Sai na tambayi yaron: "Ɗana, a wurin ɗaga ƙarfen da kake zuwa, akwai allurar da kake yi?" Ya sunkuyar da kai.

Shekara biyu yana yi. Sustanon 250 sau biyu a mako, ya haɗa da Deca-Durabolin, wani lokaci da ƙwayar Dianabol. Saura wata ɗaya biki ya daina, don kuɗin sun tafi a lefe. Ba sammu ba ne, shi ya yi wa kansa.

Ga yadda abin yake. Sinadarin da ke sa namiji sha'awa da ƙarfi, wanda likitoci ke kira testosteron, 'ya'yan maraina ne suke yin sa. Amma ba sa yi sai an umarce su. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ke aika saƙo biyu ta cikin jini: LH, mai cewa a yi testosteron, da FSH, mai cewa a yi ƙwayoyin haihuwa. Ƙwaƙwalwa kullum tana duba yawan sinadarin a jini. Kamar uwargida ce da randa: in ta leƙa ta ga randa a cike, ba za ta kira ɗan ga-ruwa ba.

To, lafiyayyen namiji jikinsa na yin wajen miligram 5 zuwa 7 a rana. Yaron nan yana zuba wa kansa 500 a mako na Sustanon kaɗai, ban da sauran. Ƙwaƙwalwa ta ga randa har tana ambaliya, sai ta daina aike. Maraina suka zauna ba aiki. Kuma mafi yawan girman maraina ƴan siraran bututu ne da ake ƙera ƙwayoyin haihuwa a ciki, shi ya sa in aikin ya tsaya sai su motse su yi laushi. Yaron ya ce ya lura da haka tun a shekarar farko, amma abokansa suka ce ba komai.

Kada wani ya ce zancen mai magani ne. A 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi wa maza allurar testosteron miligram 200 duk mako, da nufin hana haihuwa. Cikin wata shida, kusan kashi biyu cikin uku ba a samu ƙwayar haihuwa a maniyyinsu ba. Wato abin da aka gwada a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza, shi yaranmu suke saya da kuɗinsu, har su ninka shi.

Abin da ke ruɗin matasa shi ne, lokacin da ake kan allurar sau da yawa sha'awa ƙaruwa take yi, sai mutum ya ɗauka ya dace. Ranar da ya daina, na waje ya ƙare a jini cikin 'yan makonni, na ciki kuma bai farka ba. Nan ne za ka ga kasala, baƙin rai, rashin sha'awa, gaba ta daina miƙewa ko da asuba. Masu yin Deca kuwa wasu tun suna kan yi raunin ke kama su. Wani ɓangare na sinadarin kuma jiki na juya shi ya koma irin na mata, shi ne nonon da ke kumburo wa wasu har yana ciwo. Sai ƙuraje a gadon baya da saurin fushi. Magidanci, in ka ga waɗannan sun haɗu a jikin ɗanka da ƙwanjinsa ya tashi cikin wata biyu ko uku, ka zauna da shi.

Sai kuma robobin da ake rubuta wa "testosterone booster", ana cewa na ganye ne zalla. Ni dai da ganye na tsufa, kuma ina gaya muku: babu ganyen da ke cika wa mutum damtse a wata ɗaya. In ya yi haka, a tuhume shi. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane cewa wasu kayan gina jiki da ake sayarwa da sunan ƙarin abinci suna ɗauke da irin wannan sinadari. Na ɓoye da na allura aikinsu ɗaya ne a kan maraina, na ƙwaya ma har hanta yake taɓawa. Amma a yi adalci: garin furotin da kiriyatin na gaskiya, waɗanda ba a gauraya su da komai ba, ba sa cikin wannan. Ɗaga ƙarfen kansa ma ba laifi ba ne.

Me na yi wa yaron? Ban ba shi ko cokali ɗaya na maganin maza ba. Na tura shi asibitin koyarwa wurin likitan mafitsara da al'aurar maza. Aka ɗebi jininsa da safe kafin ƙarfe 10, don a lokacin sinadarin ya fi yawa. Testosteron ya yi ƙasa sosai, LH da FSH su ma ƙasa. Likita ya ce wannan na nuna umarnin ne ya tsaya daga sama. Da marainan ne suka lalace tun asali, da saƙonnin biyu sama za su yi. Gwajin maniyyi kuma, bayan ya ƙaurace kwana uku, ya nuna ƙwayoyi 'yan kaɗan.

Likita ya ɗora shi a kan maganin da ke tada saƙon ƙwaƙwalwa, ya ce a yi haƙuri, domin ƙwayar haihuwa na ɗaukar wajen kwana 74 kafin ta kammalu. Da yawa suna dawowa daidai cikin wata shida zuwa shekara ɗaya, wasu sai shekara biyu, wasu da suka daɗe suna yi ba sa komawa kamar da. Yaronmu a wata na biyar ya fara ganin sauyi. Maganar haihuwa har yanzu muna addu'a.

Ra'ayina uku ne. Na farko, 'yan uwana masu maganin gargajiya, duk matashin da ya zo da raunin mazakuta ku tambaye shi allura kafin ku auna masa gari. Zuma da dabino da habbatus sauda abinci ne masu albarka, amma ba su ne za su tada wannan saƙon ba, kuma karɓar kuɗi a kan haka cin amana ne. Na biyu, wanda ya daina ya ji rauni kada ya koma wa allurar, kada kuma ya je kemis a yi masa ta testosteron. Zai ji ƙarfi na ɗan lokaci, maraina kuwa su ƙara nisa a barci. Na uku, wanda ya san yana wannan hali ya nemi magani kafin a sa rana. Yarinyar mutane tana da haƙƙi a kansa, kuma in haihuwa ta yi jinkiri ita dangi za su fara zargi.

Iyaye, a tambaya cikin sirri da taushin murya. Yaron da aka kunyata a gaban ƙannensa ba zai faɗi gaskiya ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a. A tura wa wanda zai amfana.