Dandalin Lissafi: Lambobin sigima da ainihin rankin matiris

Yau za mu ɗauki ƙaramin matiris mu rarraba shi ta hanyar da ake kira SVD, mu ga abin da rarrabawar ke faɗa mana game da rankinsa.

Ranki shi ne adadin layukan matiris da ke zaman kansu, wato waɗanda ba maimaicin sauran ba ne. A ce wani ya sayi kilo 2 na shinkafa da kilo 1 na wake, wani kuma ya sayi kilo 4 da kilo 2. Ga matiris ɗinsu:

```
A = | 2  1 |
    | 4  2 |
```

SVD na cewa kowane matiris yana rubutuwa kamar haka: A = UΣVᵀ. U da V juyawa ko kifewa kawai suke yi, ba sa sauya tsawon komai. Miƙarwa aikin Σ ne, kuma lambobin da ke kan karkataccen layinsa, σ₁ da σ₂, su za mu kira lambobin sigima. Idan muka bi da da'ira mai rabin faɗi 1 ta cikin A, za ta fito da siffa irin ta ƙwai. σ₁ shi ne rabin tsawon siffar, σ₂ kuma rabin faɗinta.

Don samun su, sai mu juya A layukansa su koma ginshiƙai, mu ninka shi da A na asali:

```
AᵀA = | 20  10 |
      | 10   5 |
```

Jimillar karkataccen layi ita ce 20 + 5 = 25, ditaminan kuma (20 × 5) − (10 × 10) = 0. Da waɗannan biyu muke gina λ² − 25λ + 0 = 0, wanda ke ba mu λ = 25 da λ = 0. Tushen murabba'in kowannensu shi ne lambar sigima, don haka σ₁ = 5, σ₂ = 0.

Ƙa'idar ita ce ranki daidai yake da adadin lambobin sigima da ba sifili ba. A nan guda ɗaya ce, saboda haka rankin A ɗaya ne. Da'irarmu ta matse ta zama sanda marar faɗi. Ba mamaki, domin layi na biyu ninkin na farko ne sau biyu. Ko mun san kuɗin da kowannensu ya biya, ba za mu iya fitar da farashin shinkafa da na wake daban-daban ba.

To, a ce sikeli ya nuna waken mutum na biyu kilo 2.1 ne. Mu kira sabon matiris ɗin B. Ditaminansa (2 × 2.1) − (1 × 4) = 0.2 ne, ba sifili ba, don haka a takarda rankinsa biyu ne. Amma idan muka bi matakan ɗazu, za mu samu σ₁ kusan 5.04, σ₂ kusan 0.04. Muna iya gwada amsar: 5.04 × 0.04 ya ba mu kusan 0.2, domin a matiris mai layi biyu da ginshiƙi biyu, ninkin lambobin sigima daidai yake da girman ditaminan.

Ranki ya ce biyu ya yi shiru. Lambobin sigima su suka tona cewa na biyun da kyar yake tsaye, don σ₁ ya ninka σ₂ kusan sau 127. Tazarar B da matiris mai ranki ɗaya mafi kusa da shi ita ce σ₂ ɗin nan, wato 0.04.

Ga illar hakan a aljihu. A ce na farko ya biya naira 5,000, na biyu naira 10,100. Warwarewa za ta ba mu shinkafa naira 2,000, wake naira 1,000. Idan aka yi kuskuren naira 50 kacal aka rubuta 10,150, sai wake ya koma 1,500, shinkafa 1,750. Kuskuren da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba ya ƙara wa wake rabin farashinsa.

Saboda haka duk lokacin da lambobi suka fito daga awo, mu kwatanta ƙaramar sigima da kuskuren ma'auninmu. Idan sikelin na iya kuskuren kilo 0.1, to 0.04 ba ta da bambanci da sifili, kuma ya kamata mu ɗauki B a matsayin mai ranki ɗaya, mu nemi wani cinikin da ya bambanta da na farko.

Aikin gida: matiris mai layin farko 1, 1 da layi na biyu 7, 7. Ku nemo lambobin sigimansa da rankinsa. Amsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.