Ka tambayi inji hatsi, ya kawo maka alkama

Mu da ke aikin rediyo, kowace damina manoma suna kiranmu da tambaya iri guda: murzuna ta faɗa wa hatsi, mi za a yi? Amsa tana nan a rubuce, amma galibi da Turanci ko Faransanci. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda zai nemo wa jama'a wannan amsa, kada ya rubuta Hausa cikin injin bincike ya karɓi abin da ya fito ido rufe. Sai ya ga yadda aka juya tambayarsa.

Ga dalili. Inji na da hanya biyu ta haɗa tambayar Hausa da takardar Turanci. Ta farko, ya fassara tambayar, sannan ya nemo takardun da ke ɗauke da kalmomin fassarar. In fassara ta karkace, duk abin da ya biyo baya ya karkace. Ta biyu, ba ya fassara. Yana maida kowace jimla jerin lambobi, ta yadda jimloli masu ma'ana guda ke zama kusa da juna ko da harshensu daban, kamar rumfunan masu kaya iri guda a kasuwa. Sai ya ɗauko takardun da suka fi kusa da tambayarka.

Duka hanyoyin biyu sun dogara ga yawan Hausar da injin ya karanta. Wani sanannen tsari mai suna XLM-R, da aka fitar a 2019, ya koyi harsuna 100, har da Hausa. Amma rubutun Turancin da aka ba shi ya kai wajen jiga 300, na Hausa kuwa bai kai rabin jiga guda ba. Kuma mafi yawan Hausar intanet ta Nijeriya ce.

To mu ɗauki tambayarmu: “maganin murzunar hatsi”. A Maradi da Damagaram, in an ce hatsi gero ake nufi. A rubutacciyar Hausar Nijeriya kuwa, hatsi ya haɗa gero, dawa, masara da sauransu. Don haka inji zai iya maida shi `grain`, kalmar da ta haɗa har da alkama. Ita kuwa murzuna, in bai taɓa ganinta ba, ko ya bar ta yadda take, ko ya yanka ta gunduwa-gunduwa ya yi canke. Kalma ukku kacal ba su ishe shi ya gane daga zance ba. Injin ba ya cewa “ban sani ba”, zai kawo abin da ya fi kusa ko da nesa ne.

Ta yaya za mu gane an ɓace? In hotunan da suka fito na alkama ne ko manyan rumbunan ƙarfe, in ana zancen ƙwarin ajiya alhali tamu matsalar a gona take, to tambaya ta kauce hanya.

Gyaran bai da wuya. Da farko mu bar sunan gida, mu bayyana abin da ido ke gani da cikakkar jimla: “tsutsa tana cin zangarniyar gero a gona”. Mu ce gero, kada mu ce hatsi. Mu sa ƙ, ɗ da ɓ inda suke. Sannan mu fassara jimlar da kanmu a Google Translate mu duba: `millet` ya fito ko bai fito ba?

Na biyu, mu da muka yi lakkwal muna da gada. Faransanci da Turanci injina sun ƙoshi da su. Mu rubuta `chenille mineuse de l'épi du mil`. Takardun da za su fito za su ba mu sunan kimiyya, `Heliocheilus albipunctella`. Wannan suna bai buƙatar fassara, guda ne a kowane harshe. Da shi za mu isa ga `millet head miner`, mu ƙara `Niger`.

A nan ne za mu tarar da aikin masu binciken INRAN a Maradi kan `Habrobracon hebetor`, ɗan ƙaramin ƙwaro da ake saki cikin gonaki don ya kashe tsutsar. Wato amsar da muka je nema da Turanci, a ƙofar gidanmu aka yi ta.

Abu na ƙarshe, kafin mu buɗe makirho mu gwada hoto da abin da manomi ya faɗa. Murzuna tana barin sawu mai murɗewa a jikin zangarniya. Tsutsar da ke huda kara daban take, sunanta `Coniesta ignefusalis`, kuma yadda ake yaƙarta daban. In muka haɗa su, manomi ne zai kashe kuɗinsa a banza, ya kuma rasa damma.

Allah ya ba mu damina mai albarka.